Sharhi: Yadda na yi da FaceFusion har fuska ta daina rawa a bidiyon daƙiƙa 12

FaceFusion, manhajar ɗora fuskar wani a kan ta wani a hoto ko bidiyo, za ta iya ba ka fuskar da ta zauna daram a gajeren bidiyo, amma sai ka taɓa saitinta da hannunka, kuma akwai irin ɗaukar da ko ka kwana kanta ba za ta gyaru ba. Hukuncina ke nan bayan na yi aiki da ita. Manhaja ce ta kyauta da ake sa wa kwamfuta, ba ta waya ba, kuma da zarar ta sauke kayan aikinta ba ta ƙara neman data, abin da ya fi min komai daɗi a nan inda netwok yake zuwa yana tafiya.

Sana'ata tace bidiyon biki da na walimar sauka, a wani ɗan shago a ƙauyenmu da ke gefen Ringim. Aikin da ya haɗa ni da sauya fuska na ƙungiyar wasan kwaikwayon samarin garin ne. A labarinsu akwai fitowar da jarumi zai zo kan doki ya yi jinjina, shi kuwa jarumin bai taɓa riƙe linzami ba. Ƙaninsa, wanda yake kula da dokin gidansu, shi ya hau, aka ce in ɗora fuskar yayan a kansa. Dukansu biyun suna zaune a shagon aka yi maganar, kuma su suka turo min hotunan. Wanda zai zo min da hoton wani ko wata ba da saninsu ba, ƙofar da ya shigo ta nan zai fita.

An ɗauki fitowar da waya, a tsaye, 1080 a 1920, firem 30 a daƙiƙa, wato hotuna 30 da suke jeruwa su ba da motsi. Daƙiƙa 12 ke nan firem 360. Daga farko zuwa wajen firem na 140 mahayin yana tahowa daga nesa a ƙarƙashin layin darbejiya. Daga nan zuwa 210 ya juya kai gefe yana duban mutane. Tsakanin 210 da 260 ya ɗaga hannu ya yi jinjina, dunƙulen ya gifta ta gaban fuskarsa. Sauran kuwa ya iso kusa, fuskar ta cika allo. Kafin su zo wurina sun gwada wata manhajar waya, suka nuna min sakamakon: kowane hoto idan ka tsayar da shi ras, amma da ka sake shi ya yi tafiya sai fuskar ta riƙa karkarwa, wani wurin ma fuskar ƙanin ta leƙo ta koma.

Dalilin haka abu ɗaya ne, kuma wanda bai gane shi ba zai yi ta juya maɓallai a banza. FaceFusion, da yawancin ire-irenta, ba ta kallon bidiyo a matsayin abu mai tafiya. Tana warware shi firem-firem, ta ɗauki kowanne kamar hoto mai zaman kansa: ta nemo fuska, ta sa ɗigo biyar (ido biyu, kan hanci, gefen baki biyu), ta miƙe fuskar bisa waɗannan ɗigogin, ta ƙera sabuwa, ta liƙa. Sannan ta wuce firem na gaba ba tare da ta tuna abin da ta yi a na baya ba. Kamar ka raba yadi ɗaya ga teloli 360 ka ce kowa ya ɗinka maka riga da awo ɗaya: kowace za ta shige ka, amma ba biyu da za su zo daidai da juna. Idon mutum kuwa bai damu da ƙaramin kuskuren da ya tsaya wuri ɗaya ba, wanda yake sauyawa sau 30 a daƙiƙa shi yake kamawa nan take.

Saboda haka aikin farko ba gyara ba ne, gane irin ciwon ne. A bidiyon nan na samu iri uku, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan. Akwai ɓacewa, inda sabuwar fuskar take tafiya gaba ɗaya na firem ɗaya ko uku. Akwai karkarwa, inda fuskar tana nan amma tana zamewa a kan kai. Akwai kuma walainiya, inda siffa ta tsaya amma fata da gefen fuska suna sauya haske da laushi.

Kafin in shigar da komai sai da na daidaita gudun bidiyon. Wayoyi da yawa ba sa riƙe 30 cif, suna ragewa suna ƙarawa gwargwadon haske, kuma hakan yana sa lambar firem da ka gani a manhajar tacewa ta saɓa da wadda ke cikin manhajar sauya fuska. Da ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da ake rubuta wa umarni, na yi:

```
ffmpeg -i danye.mp4 -vf fps=30 -c:v libx264 -crf 16 -c:a copy shigarwa.mp4
```

Kuma na ce su kawo min asalin fayil ta waya da kebul. Wanda aka turo ta WhatsApp an matse shi, fuskar da ke nesa ta zama dusu-dusu, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ɗigogi rawa.

Abin da ya fi burge ni a FaceFusion shi ne `face_debugger`. Idan ka kunna shi, yana iya zana maka akwatin da ta kewaye fuska da ɗigogin da ta sa da iyakar wurin da za ta liƙa, a kan bidiyon kansa. Na fitar da duka daƙiƙa 12 da shi kaɗai, ba tare da sauya fuska ba, na kalla a hankali firem bayan firem. A nan ne komai ya fito fili. Inda akwatin ya ɓace, nan ne ɓacewa za ta faru. Inda ɗigogin suke tsalle alhali kan bai motsa sosai ba, nan ne karkarwa. Inda akwati da ɗigogi suka nutsu amma sakamakon ƙarshe yana walainiya, to laifin ba na gano fuska ba ne, yana can gaba. Duk mai fara wannan aiki, wannan fitarwar ta farko ita ce mafi arhar lokacin da zai kashe.

Na fara da ɓacewa, don ita ce ta fi muni: firem ɗaya tak da fuskar ƙanin ta bayyana ya isa kowa a garin ya gane shi. Hanyoyi biyu take faruwa. Ta farko, mai gano fuskar yana ba kowace fuska maki tsakanin 0 da 1, kuma duk wadda ta gaza `FACE DETECTOR SCORE` ana watsar da ita. Saitin yana zuwa a 0.5. A ƙarƙashin darbejiya, inda inuwa take ratsa fuskar baƙin mutum ga kuma sararin sama fari fat a bayansa, makin yana ta hawa da sauka a bakin wannan layin: wannan firem ya haye, na gaba ya faɗi. Na sauke shi zuwa 0.3, akwatin ya daina ɓacewa a mafi yawan wuraren. Da na gwada ƙasa da haka sai ta fara ganin fuska a adon sirdi, don haka na dawo.

Hanya ta biyu ta fi ɓuya. Idan `FACE SELECTOR MODE` yana kan `reference`, manhajar tana kwatanta kowace fuskar da ta gano da wadda ka nuna mata a firem guda, sai tazarar kamanninsu ta gaza `REFERENCE FACE DISTANCE` sannan ta sauya. Mutum ɗaya ne, amma da ya juya gefe kamanninsa a lissafinta sun yi nisa da na gaba-da-gaba, sai ta ce wannan wani ne, ta ƙyale shi. Alamar wannan ita ce akwati yana nan a kan fuska idan an saka `many`, mai ɗaukar kowace fuska, amma a `reference` ba a sauya ba. A ɓangaren da mahayin yake shi kaɗai na koma `one`, mai ɗaukar fuska guda, magana ta ƙare. A ɓangaren da yara suka shigo bayansa na bar `reference`, na zaɓi firem ɗin da ya ɗan karkata kai a matsayin abin kwatance maimakon wanda yake kallon kyamara sak, na riƙa ƙara tazarar kaɗan-kaɗan har ta riƙe shi ba ta kama yaran ba.

Wannan ya kai ni ga shawarar da ta fi kowace amfani a aikin: kada ka nemi saiti ɗaya da zai yi wa dukan bidiyon. Na yanka shi gida huɗu da `TRIM FRAME`, kowane gida da nasa saitin, daga baya na haɗa.

Karkarwa ita ta fi cin lokaci, kuma a firem 140 na farko ta fi tsanani. Ga lissafin. Mai gano fuska ba ya duba hoton a cikakken girmansa, yana rage shi ya shiga 640 a 640. Bidiyo mai tsawon 1920 ke nan an raba shi uku. Fuskar mahayin daga nesa faɗinta bai wuce fiksel 60 ba, da aka rage ta koma 20. A kan fuska mai faɗin fiksel 20 ake so a nuna inda ido yake da inda baki yake. Kuskuren fiksel ɗaya a can ya zama uku a ainihin bidiyon, wato kashi ɗaya cikin ashirin na faɗin fuskar, kuma kowane firem da inda nasa kuskuren ya karkata. Ba yadda za a yi fuska ta tsaya.

Maganin da ya yi min aiki ba a cikin manhajar yake ba. Tunda dokin yana tahowa ne kai tsaye wajen kyamara, kan mahayin yana cikin yanki ɗaya na allo a duk wannan ɓangaren. Sai na yanko wannan yankin kaɗai, 640 a 640, na ba FaceFusion shi:

```
ffmpeg -i shigarwa.mp4 -vf crop=640:640:220:380 -crf 14 yanki.mp4
```

Yanzu ba abin da za a rage, fuskar ta isa wurin mai ganowa da cikakken fiksel 60 ɗinta. Bayan an sauya, na mayar da yankin mazauninsa a kan asalin bidiyon a manhajar tacewa, na ɗan tausasa gefensa don kada layi ya fito. Bambancin ya fi na duk wani maɓalli da na taɓa. Lambobi biyun ƙarshe, 220 da 380, wurin da yankin ya fara ne daga hagu da daga sama, kowa zai auna nasa.

Akwai kuma wata karkarwar mai kama da fizga, wadda ta bambanta da 'yar rawar nan ta kullum: fuskar tana zaune, sai ta yi tsalle gefe na firem biyu ta dawo. Wannan ta ɗaure min kai har sai da na lura da launin ɗigogin a `face_debugger` yana sauyawa daidai lokacin. Ashe majiya biyu take da su ta samun ɗigo biyar ɗin. Akwai na mai gano fuska, akwai kuma waɗanda ake cirowa daga wani ma'auni na daban mai ɗigo 68. Idan makin na 68 ɗin ya haye `FACE LANDMARKER SCORE` sai a yi amfani da nasa, idan ya gaza a koma na farko. Majiyoyin biyu ba sa sa ɗigo a wuri ɗaya cif, don haka duk sanda aka sauya daga wannan zuwa wancan sai fuska ta yi tsalle. Abin da ake so shi ne a tsaya kan guda. A ɓangaren kusa na sauke makin ƙasa sosai don na 68 ya riƙe aikin daga farko har ƙarshe. A ɓangaren juya kai, inda na 68 yake rikicewa, na mayar da shi 0, wanda yake kashe shi gaba ɗaya. A ganina wannan saitin ya cancanci a yi masa bayani ƙarara a fuskar manhajar, don ba wanda zai yi zaton haka yake aiki daga sunansa.

Sai jinjina. Da iyakar liƙi ta `box` kaɗai, manhajar tana shafa fuska a kan duk abin da ke cikin akwatin, har da hannu: sai ka ga ido da hanci kwance a bayan dunƙule. Ƙara `occlusion` a `FACE MASK TYPES` yana sa ta gane abin da ya tare fuska ta bar shi a gaba. Ya yi aiki, amma da tsadarsa, don ita ma wannan iyakar sabuwa ake zanawa a kowane firem, sai gefenta ya riƙa motsi a goshi, wurin da hula ta sauka. Na ɗaga `FACE MASK BLUR` daga 0.3 zuwa 0.5 don gefen ya narke, na kuma ƙara `FACE MASK PADDING` ta sama har iyakar ta sauko ƙasa da bakin hula, ta zauna a kan fatar goshi inda ba wani layi mai kaifi. Kuma a firem 50 ɗin nan kaɗai na kunna `occlusion`. Inda ba abin da ya gifta fuska, `box` ya fi nutsuwa, tunda siffarsa ba ta sauyawa.

Walainiyar fata kuwa, mafi yawanta daga `face_enhancer`, mai gyara kaifin fuska, take. Dalilin da ya sa mutane suke kunna shi a fili yake: `inswapper_128`, injin sauya fuskar da na yi amfani da shi, fuska mai fiksel 128 a 128 yake ƙerawa, to idan fuskar ta kai faɗin 400 a allo, kamar a ɓangarenmu na ƙarshe, sai ta fito dishi-dishi. Mai gyaran, irin `gfpgan_1.4`, ba tono abin da ke ɓoye yake ba, ƙirƙiro shi yake: gashin gira, ramukan fata, layin haƙora, ƙyallin ido. A hoto guda abin sha'awa ne. A bidiyo kuwa kowane firem da irin gashin girar da aka ƙirƙira masa, shi ya sa fatar take kamar tana tafasa. Na kuma lura yana goge fatar ta yi sumul fiye da ta mai ita. Jarumin yana da 'yan tsage biyu a gefen ido, da `FACE ENHANCER BLEND` yana 80, yadda ya zo, sai su fito a wannan firem su shuɗe a na gaba.

Da ya ga wannan gwajin, ƙanin ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai wannan ba kai ba ne, wani ɗan birni ne aka shafa wa mai." Gaskiyarsa.

Na kashe mai gyaran a ɓangarori ukun farko, inda fuskar ba ta da girman da za a ga rashinsa. A na kusa na yi amfani da `FACE SWAPPER PIXEL BOOST` a 512x512. Shi wannan yana rarraba babbar fuskar zuwa ƙananan hotuna masu 128, ya sauya kowanne, ya saƙa su wuri guda, don haka kaifin da yake bayarwa ya fi tsayawa daga firem zuwa firem. Kuɗinsa lokaci ne: 256 aiki huɗu ne a kowane firem, 512 kuwa goma sha shida. A laftof ɗina mai ƙaramin katin NVIDIA sai da na jira rana ta take, sola ta cika batir, kafin in sake shi. A kansa na ɗora mai gyaran a 25 kacal, don idanu su ɗan yi rai. Sama da 40 tafasar tana dawowa.

Hotunan da ka ba ta na mai fuskar su ma suna da hannu a ciki. Manhajar tana mayar da kowane hoto jerin lambobi 512 masu wakiltar kamannin mutum, kuma idan ka ba ta da yawa sai ta haɗa su ta ɗauki matsakaici. Da hoton fasfo guda, kamannin suna raguwa da zarar kai ya karkata. Na fitar da jarumin bayan shago, a inuwar katanga inda haske yake bai-ɗaya, na ɗauke shi gaba-da-gaba, da ɗan karkace dama da hagu, ba dariya, ba tabarau. Biyar na zaɓa. Na cire wanda ya yi murmushi har haƙora suka fito, don yana jan bakin zuwa murmushi ko a inda mahayin ya ɗaure fuska.

Don in tabbatar ba idona ne ya saba da aibin ba, ina fitar da bidiyon da ke nuna bambancin kowane firem da na bayansa kaɗai:

```
ffmpeg -i fita.mp4 -vf "format=gray,tblend=all_mode=difference,eq=gamma=2,format=yuv420p" bambanci.mp4
```

Abin da bai sauya ba yana fitowa baƙi, abin da ya sauya yana haske. Ina yi wa asalin bidiyon haka, in yi wa wanda aka sauya, in jera su. Idan kumatu da goshi sun fi haske a wanda aka sauya, walainiya tana nan. Idan zobe ya bayyana kewaye da fuska, gefen liƙin ne yake motsi. Idan fuskar duka ta yi fari na firem guda, an samu ɓacewa a nan. Wasu suna cewa a bi da `deflicker` na ffmpeg a ƙarshe. Shi hasken hoton gaba ɗaya yake daidaitawa, ya dace da bidiyon da aka ɗauka ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ƙiftawa, amma bai san inda fuska take ba, kuma a nan bai canza komai ba.

Abin da ya gagara shi ne tsakiyar juya kai, wajen firem 170 zuwa 188, inda mahayin ya ba kyamara kunne sosai har ido ɗaya ya ɓuya. Tsarin gaba ɗaya ya dogara da ɗigo biyar, biyu daga cikinsu kuwa, ido da gefen baki, sun koma bayan hanci, sai manhajar ta riƙa cankar inda suke. Fuskar tana lanƙwashewa, hancin yana tsawo yana gajarta. Ba saitin da ya gyara wannan. Na tambayi shugaban ƙungiyar ko suna da wani hoton na ranar, aka samu wanda wani ya ɗauka na ƙafafun doki da ƙura. Na saka shi ya rufe firem 18 ɗin, ɗan abin da ya haura rabin daƙiƙa, aka dawo kan fuska bayan ta juyo. Inuwar ganyen darbejiya ma ba ta fita duka ba: a asali ɗigon rana yana gudu a kan kumatu da kaifinsa, a sabuwar fuskar kuwa ya zama wani haske mai laushi da yake zuwa yana tafiya. A allon waya ba a lura, a talabijin ɗin gidan kallo mai ido zai gani.

Ga wanda zai karɓi kuɗi da wannan aiki, ya karanta lasisin `inswapper_128` tukuna. Masu shi, InsightFace, sun sake shi ne don bincike ba don kasuwanci ba, kuma kasancewar FaceFusion kyauta bai ɗauke wannan sharaɗin ba. Namu wasan ƙungiya ne, ban karɓi ko sisi ba, kuma a ƙarshensa an rubuta sunan wanda ya hau dokin da bayanin cewa an sauya fuska a fitowar.

Suna da wata fitowar dokin a kashi na gaba, na kuwa ba mai ɗaukar sharuɗɗa tun kafin su fita: a yi ta da hantsi ko bayan la'asar a fili, ba ƙarƙashin bishiya ba, rana tana bayan mai kyamara. Ya danna fuskar mahayin a allon waya ya kulle haske a kanta don kada farin sama ya duhunta ta. Ya matso yadda fuskar ba za ta gaza faɗin yatsu biyu a allon ba. Mahayin kuma in zai dubi jama'a ya karkata kai rabi, idanunsa biyu suna ganuwa, jinjinar ya ɗaga ta gefen kunne.